Rubutun kwamfuta yana fita dishi-dishi a talabijin: ina gyaran yake?

*Assalamu alaikum. Na haɗa laftof ɗina da talabijin ɗin ɗakina, mai inci 43, 4K, ta wayar HDMI, don in riƙa yin lissafin shago a Excel a babban allo. Fim yana fita garau, amma rubutu dishi-dishi, musamman jajayen lambobi, kafin awa guda idona ya fara ruwa. Wani ya ce in sayi waya mai tsada, wani ya ce talabijin ba ya aikin kwamfuta. Ina gaskiyar take?*

Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi waya. Wayar HDMI lambobi take ɗauka, ko dai su isa ko kada su isa. Idan ta gaza, abin da za ka gani shi ne allo ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko wasu fararen ɗigo-ɗigo su riƙa walƙiya kamar tartsatsi, ko hoton ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ba ta mayar da rubutu dishi-dishi alhali fim yana tafiya lafiya. Shi kuma wanda ya ce talabijin ba ya aikin kwamfuta, da ɗan abin da ya hango, zan zo kansa, amma mai inci 43 na 4K yana cikin waɗanda suka fi dacewa da aikin. Abin da ke faruwa shi ne talabijin ɗinka bai san kwamfuta aka haɗa masa ba. Yana ɗaukar Excel ɗinka tamkar fim ne daga dikoda, yana yi masa irin kwalliyar da yake wa fim, ita wannan kwalliyar ce take cinye rubutun.

Kwanakin baya na yi wannan aikin ga wani mai riƙe wa shagon atamfa lissafi a Kantin Kwari, kayansa kusan irin naka ne: talabijin mai inci 43 na 4K, da laftof na hannu irin na ofis. Zan bi da kai yadda muka bi, domin jerin yana da amfani. Idan ka fara ta ƙarshe, ba za ka gane wanne ne ya yi aiki ba.

Abu na farko da na duba ba a talabijin yake ba, a kwamfutar yake. Allon talabijin na 4K yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, kuma waɗannan ɗigo a kafe suke, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Rubutu yana fita tas ne kawai idan kowane ɗigo da kwamfuta ta aiko ya sauka a kan ɗigo guda na allon, ɗaya bisa ɗaya. Da na danna `Win + P` a laftof ɗin mutumin, sai na tarar yana kan `Duplicate`, wato allon laftof da na talabijin suna nuna abu ɗaya. To allon laftof ɗinsa 1366 a 768 ne. Tun da dole su biyun su nuna hoto guda, sai Windows ya tsaya a kan ƙaramin, talabijin kuma ya ɗauki wannan ɗan hoton ya ja shi ya cika allo. Ka raba 3840 da 1366, za ka samu 2.8 da 'yan kai. Ke nan layin da kaurinsa ɗigo ɗaya ne a kwamfuta sai an shimfiɗa shi a kan ɗigo uku saura kaɗan, kuma babu yadda za a yi hakan sai an dama launinsa da na maƙwabcinsa. Sandar harafin "l" da ya kamata ta tsaya baƙa wuluk sai ta koma toka-toka mai gefe biyu. Rabin mutanen da suke kawo min wannan ƙorafin, a nan matsalarsu take farawa.

Saboda haka ka danna `Win + P` ka zaɓi `Extend`, ko `Second screen only` idan ba ka buƙatar allon laftof ɗin. Daga nan ka shiga `Settings > System > Display`, ka danna akwatin da yake wakiltar talabijin, ka sa `Display resolution` a kan `3840 x 2160`. Nan take rubutu zai iya komawa ƙanana kamar tururuwa, ko kuma Windows ya kumbura komai da kansa. Kada ka gyara wannan ta hanyar rage yawan ɗigon, wanda shi ne kuskuren da kowa yake yi. Wurin gyaransa `Scale` ne, a wannan shafin. Shi yana ƙara girman haruffa ne ta hanyar zana su da ɗigo masu yawa, don haka suna girma ba tare da sun dushe ba. A inci 43, idan kana zaune kamar taku ɗaya da rabi daga allon, 125% ko 150% yakan yi daidai. Mutumin Kwari 150% ya zaɓa, don ya ce ba ya son sa tabarau a gaban kwastoma.

Akwai wani ɗan abu da yake hana ɗigo sauka bisa ɗigo ko da lambobin sun yi daidai. Tun zamanin talabijin mai ƙeya, gidajen talabijin sun saba cewa gefen hoto ba ya fitowa, don haka talabijin yakan ɗan zuƙo hoton ya yanke bakinsa kaɗan ta kowane ɓangare. Sunansa `Overscan`, kuma har yau wasu talabijin suna zuwa da shi a kunne. Gane shi ba wuya: dubi sandar ƙasa ta Windows inda agogo yake, da alamar rufe shafi a kusurwar sama ta dama. Idan an gutsure su, ana zuƙo hotonka. Ka ɗauki rimot ka shiga wurin girman hoto. A LG sunan abin da kake nema `Just Scan`, a Samsung `Fit to Screen` ko `Screen Fit` a tsofaffi, a Sony `Full Pixel`, a wasu kuma `Dot by Dot` ko `1:1`. Idan `Overscan` ɗin ne da kansa ka gani, ka kashe shi. Abin da ba na so ka yi shi ne ka gyara wannan daga ɓangaren kwamfuta. Manhajar katin hoto tana da wani maja da ake rage hoto da shi har gefuna su shigo. Gefunan za su shigo kam, amma yanzu an matse hoton a kwamfuta an kuma buɗa shi a talabijin, ɓarna biyu ke nan maimakon ɗaya.

Da muka gama wannan, baƙin rubutu a kan farin shafi ya gyaru sosai, har mutumin ya fara godiya zai tashi. Na ce ya buɗe shafin da yake rubuta bashi. Jajayen lambobin suna nan yadda suke, kamar an rubuta su da alli an shafa da hannu: 3 da 8 ba sa rabuwa, 6 da 5 sai ka matso. Wannan ita ce ainihin matsalar, kuma ita ce dalilin da ya sa ake maganar yanayin hoto, wato `Picture Mode` na talabijin.

Idon ɗan Adam ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Masu harkar bidiyo sun daɗe da sanin haka, sai suka yi dabara don rage nauyin hoto: suna raba kowane hoto gida biyu, bayanin haske daban, bayanin launi daban. Hasken suna ajiye shi cikakke, kowane ɗigo da nasa. Launin kuwa sai su sa ɗigo su yi tarayya. Idan ka ga an rubuta 4:4:4, kowane ɗigo yana da launin kansa. A 4:2:2, ɗigo biyu da suke gefe da gefe launi ɗaya suke rabawa. A 4:2:0, ɗigo huɗu ne, biyu a sama biyu a ƙasa, suke cin kwano ɗaya. Kusan duk bidiyon da ka taɓa kallo, na dikoda ne, na faifai ne, ko na intanet, 4:2:0 ne, kuma ba ka taɓa lura ba, domin fuskar mutum da filin ƙwallo ba sa canza launi daga ɗigo zuwa ɗigo. Shi ya sa fim ɗinka yake garau. Tun asali ba shi da abin da za a rage masa.

Rubutu ba haka yake ba. Ƙaramin harafi a allo, sandarsa ɗigo ɗaya ce ko biyu. Idan baƙi ne a kan fari, bambancin na haske ne, don haka yana tsira. Amma ja a kan shuɗi, ko ja a kan toka, ko kore a kan ruwan ƙasa, haskensu ya yi kusa da juna, launin ne kaɗai yake raba harafin da bayansa. Ka sa ɗigon harafin da ɗigon bayansa su raba launi guda, harafin ya narke ke nan. Har baƙin rubutun ma bai tsira duka ba, domin Windows yana gyara gefen haruffa da wata dabara mai suna ClearType, wadda take ɗan taɓa ja da shuɗi a bakin kowane harafi don ya yi sumul. Idan aka dama waɗannan launukan, sai ka ga haruffa da wani datti-datti a gefe wanda ba ka iya cewa ga shi, sai dai idonka ya gaji.

Ga inda mutane suke ruɗewa: ko da kwamfutarka ta aiko da launi cikakke, yawancin talabijin suna rage shi da kansu bayan ya shigo, domin injin da yake musu kwalliyar hoto an gina shi ne don bidiyo. A yanayin `Standard`, `Vivid`, `Dynamic`, har da `Movie` ko `Cinema`, hoton yakan bi ta wannan injin. Hanyar kauce masa ita ce a gaya wa talabijin cewa abin da ke wannan kafar kwamfuta ce, kuma kowane kamfani da yadda yake karɓar wannan saƙon. A Samsung da LG, abin mamaki, ba a jerin yanayin hoto yake ba, a alamar kafar yake. A Samsung ka danna `Source`, ka tsaya a kan kafar HDMI ɗin, ka shiga `Edit`, ka zaɓi `PC`. A LG ka shiga `Home Dashboard`, ka nemi wurin gyara kafofi, ka canza alamar kafar zuwa `PC`. Ka lura, alamar ce take aiki, rubuta sunan da hannu kaɗai ba ya wadatarwa. A Sony yanayin hoto ne, `Graphics` ko `Game`. A Hisense da TCL da ire-irensu ka nemi `PC` ko `Game` a cikin `Picture Mode`. Wasu sababbin suna gane kwamfuta da kansu, amma ba na dogara da hakan, nakan duba.

Alamar cewa ya shiga ita ce allon zai ɗan ɗauke ya dawo, kuma idan ka koma saitin hoto za ka tarar abubuwa da yawa sun yi toka, ba sa taɓuwa: mai rage ƙura a hoto, mai santsin motsi irin `TruMotion` ko `Auto Motion Plus`, mai ƙara armashin launi. Kada hankalinka ya tashi, abin da ake nema ke nan. Riba ta biyu kuma ita ce linzamin kwamfuta zai daina jan ƙafa, domin duk wannan kwalliyar lokaci take ci, kuma ita ce take sa ka motsa hannu kibiyar ta biyo daga baya.

Kada ka yarda da idonka kawai, ka gwada. Ba ka buƙatar sauke komai. Buɗe Paint, ka zuba shuɗi mai duhu ya cika shafin, ka zaɓi ja, ka rubuta layin lambobi da ƙaramin rubutu, girman 8 ko 9, misali 3869 5608 sau da yawa. Ka tabbata shafin yana kan 100%, ba a zuƙo shi ba. Sai ka matso kusa da allo. Idan launin cikakke ne, kowace lamba za ta tsaya da ramukanta a buɗe, cikin 8 shuɗi ne tsaf. Idan an rage, ramukan za su cike, jan zai yi duhu ya malala gefe. Ka bar shafin a buɗe ka mayar da kafar daga `PC` zuwa yadda take a da, ka sake dawowa. A gaban mutumin Kwari na yi haka sau biyu, ya dafa teburi ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce, "Ashe ba idona ba ne." Ya riga ya yi niyyar zuwa asibitin ido.

Idan ka sa `PC` amma gwajin bai canza ba, to ragin daga kwamfutar yake fitowa, kuma dalilinsa faɗin hanya ne. Ka shiga `Settings > System > Display > Advanced display`. A nan Windows zai nuna maka abin da yake aikawa a zahiri: `Refresh rate`, `Bit depth`, da `Color format`. Abin da kake so ka gani a na ƙarshen shi ne `RGB` ko `YCbCr444`. Idan ka ga `YCbCr420` ko `YCbCr422`, an riga an rage launin tun kafin ya bar kwamfutar, babu saitin talabijin da zai dawo da shi.

Lissafin a sauƙaƙe yake. HDMI 1.4 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa. HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013, yana ɗaukar 18. Hoton 4K mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa da cikakken launi yana buƙatar kusan duka 18 ɗin nan. Ke nan a kan tsohuwar hanya dole a sadaukar da abu guda: ko a sauko zuwa sau 30 a daƙiƙa a bar launi cikakke, ko a tsaya a 60 a koma 4:2:0, wanda yake raba nauyin biyu. Wasu kwamfutocin suna zaɓar na biyun ba tare da sun yi shawara da kai ba.

Abin haushin shi ne talabijin da yawa suna da sabuwar hanyar amma suna zuwa da ita a rufe, don kada tsofaffin dikoda su rikice. Sai ka buɗe ta da hannu, kuma kowace kafa da nata makunnin. Samsung suna kiransa `Input Signal Plus`, a tsofaffi `HDMI UHD Color`. LG suna kiransa `HDMI Ultra HD Deep Colour`. A Sony da Hisense za ka ga tsarin HDMI yana kan `Standard`, ka mayar da shi `Enhanced`. Ka leƙa bayan talabijin ɗin ma da fitilar wayarka, domin a wasu ba duk kafofin ne suke da wannan ƙarfin ba, kuma akan rubuta `4K@60Hz` a jikin wadda take da shi. A nan ne kaɗai maganar wayar HDMI take shigowa: idan ka buɗe wannan saitin sai allo ya fara ɗaukewa, to wayar ce ta kasa ɗaukar 18 ɗin. Ka nemi gajera, mita ɗaya ko biyu, mai tambarin `Premium High Speed`. Ba sai mai kan zinare ba.

Laftof ɗin mutumin Kwari, kafar HDMI ɗinsa 1.4 ce, kamar yawancin laftof na ofis masu shekaru da ake sayarwa a kasuwanninmu. Ya ba mu 4K a 30 da `RGB`, rubutu tas, amma kibiyar linzami tana tafiya tana tsalle-tsalle kaɗan. Na gaya masa ra'ayina, kuma shi zan gaya maka: ga mai aikin Excel da Word, 4K a 30 da cikakken launi ya fi 4K a 60 da ragaggen launi, ya kuma fi komawa `1920 x 1080`. Lambobi kake karantawa, ba tsere kake ba. Amma da na juya laftof ɗin sai na ga yana da kafar USB-C mai fitar da hoto. Irin wannan kafar, da kuma DisplayPort, sukan iya 4K a 60 ko da HDMI ɗin na'urar bai iya ba. Muka samo 'yar mahaɗa daga USB-C zuwa HDMI wadda aka rubuta `4K 60Hz` a kwalinta. Ka kula da wannan rubutun, domin masu arha da yawa `4K` kawai suke rubutawa, kuma 30 suke nufi. Da muka haɗa, 60 bai fito a jerin ba sai da muka buɗe wancan saitin a talabijin, muka zare wayar muka mayar. Daga nan shafin ya nuna 60 da `RGB` da `8-bit`, aka wuce wurin.

A shafin `Display` kuma, idan `HDR` yana kunne, ka kashe shi lokacin aiki. Yana son launi mai zurfin `10-bit`, wanda a 4K da 60 ya fi ƙarfin HDMI 2.0 sai an rage wani abu, kuma sau da yawa launin rubutunka ne ake ragewa. Ba shi da abin da zai ƙara wa shafin lissafi.

Saura `Sharpness`, wanda sunansa yake yaudarar mutane. Duk wanda ya ga rubutu dishi-dishi, nan yake fara zuwa ya ƙure shi. Wannan saitin ba ya ƙirƙiro abin da babu. Abin da yake yi shi ne ya nemi inda duhu ya haɗu da haske ya zana farin layi a gefen. A fim daga nesa yana sa hoto ya yi kamar ya fi fitowa. A rubutu kuwa kowane harafi sai ya samu farar inuwa kewaye da shi, ƙananan haruffa su cuɗe da inuwar junansu. Abin da kake nema shi ne matsayin da talabijin ba ya ƙarawa ba ya ragewa, kuma ba kullum ne sifili ba. A wasu 0 ne, a wasu tsakiyar ma'aunin ne, kamar 50 a Sony da yawa, inda ƙasa da haka yake dusar da hoton da gangan. Hanyar ganewa: buɗe shafi mai baƙin rubutu a kan toka mai haske, ka ɗaga saitin har ka ga farar inuwar ƙarara, sannan ka riƙa saukowa ɗaya-ɗaya har ta ɓace. Inda ta ɓace, nan za ka tsaya. Ka yi wannan bayan ka sa `PC`, domin kowane yanayi da nasa ma'aunin.

Idan bayan haka ka ga layukan Excel masu toka-toka sun ɓace cikin fari, ko kuma baƙi ya koma kamar an wanke shi, wannan wata 'yar rashin jituwa ce daban. Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, bidiyo kuma daga 16 zuwa 235. Idan ɗaya yana magana da wannan ma'aunin ɗaya yana saurare da wancan, ko dai a haɗiye launuka masu kusa da fari da baƙi, ko komai ya yi fari-fari. A talabijin sunan saitin `HDMI Black Level` ko `Black Level`, a kwamfuta kuma yana cikin manhajar katin hoto, `Output dynamic range` a Nvidia, `Quantization Range` a Intel. Ka sa kwamfutar a `Full`, talabijin a `Auto`. Idan bai daidaita ba, ka gwada sauran zaɓin talabijin ɗin kana kallon layukan, wanda ya fito da su ba tare da baƙi ya koɗe ba shi ne daidai.

Abu na ƙarshe da nake yi a kowane irin wannan aiki shi ne in danna `Win + R` in rubuta:

```
cttune
```

Wannan yana buɗe mai daidaita ClearType. Dalilin da ya sa yake da muhimmanci a talabijin shi ne kowane ɗigo ƙananan fitilu uku ne a jere, ja, kore, shuɗi, kuma Windows yana ɗauka a haka suke daga hagu zuwa dama. Allunan talabijin da yawa, musamman a wannan girman na inci 43, a juye suke: shuɗi, kore, ja. Idan haka ne, gyaran da Windows yake wa gefen harafi yana sauka a ɓangaren da ba shi ba, sai ka ga siririn ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗayan. Ka zaɓi talabijin ɗin a cikin mai daidaitawar, ka bi shafukan kana zaɓar rubutun da ya fi maka kyau daga inda kake zama. Shafin farko na samfuran, mai akwati biyu, shi ne yake tantance wannan jerin, don haka ka natsu a kansa. Ba duk manhajoji ne suke bin abin da ka zaɓa ba, amma yawanci suna bi.

Yanzu ga gaskiyar da ke cikin maganar mutum na biyu. Akwai talabijin da duk abin da ka yi ba zai ba ka rubutu mai kyau ba, kuma lissafi ne ya hana. Abin da ido yake ji shi ne yawan ɗigo a kowane inci. Allon kwamfuta na ofis mai inci 24 da `1920 x 1080` yana da kusan 92. Naka mai inci 43 na 4K yana da kusan 102, ka ga har ya ɗan fi. Amma mai inci 43 da yake `1920 x 1080` kawai, 51 yake da shi, rabin naka. Mai inci 32 da ya cika gidajenmu kuwa, yawancinsu 1366 a 768 ne a zahiri ko da suna karɓar 1080, wato kusan 49. A kan irin waɗannan, daga nisan teburi ɗigon kansu kake gani, kamar kana kallo ta tankaɗe, kuma babu `PC` ɗin da zai cike wannan. Haka nan akwai masu arha da ba su da hanyar nuna 4:4:4 kwata-kwata. Idan Windows ya nuna `RGB`, ka bi duk yanayin hoton da ke akwai da duk kafofin, gwajin Paint bai canza ba, to ka kai iyakar na'urar. Abin da ya rage shi ne ka ɗaga `Scale` zuwa 175% ko 200% don sandar kowane harafi ta yi kaurin da ragin ba zai cinye ta ba, ka kuma canza jajayen lambobin su zama masu kauri a kan farin fili. Haɗawa ba tare da waya ba, irin ta `Win + K`, ita ma kada ka sa ran rubutu tas daga gare ta, domin mayar da allon take bidiyo kafin ta aika.

Game da ruwan ido, ba dushewar rubutu kaɗai ke kawo shi ba. An saita hasken talabijin ne don mai kallo daga kujerar falo, kai kuma ka zo ka zauna a gabansa da farin shafi mai faɗin kusan mita guda. Ka nemi `Backlight`, wanda sababbin Samsung da Sony suke kira `Brightness`, ka sauke shi sosai, har farin shafin ya yi kusa da hasken farar takarda da ka riƙe a gefen allon. Ka mayar da zafin launi zuwa `Warm`, ka kashe na'urar da take canza haske da kanta, wadda takan ɓuya a ƙarƙashin `Eco` ko `Energy Saving`. Idan da sola ko inbata kake aiki, za ka ga batirin ma ya ƙara jimawa, domin fitilar bayan allo ce take shan mafi yawan wutar. Ka ja teburin baya ya zama akwai kamar santimita 80 zuwa mita ɗaya tsakaninka da gilashin, kuma idan talabijin ɗin a bango yake can sama inda aka kafa shi don kallo, ka sauko da shi yadda idonka zai daidaita da kashi ɗaya cikin uku na saman allon.

Tun da a ɗaki yake kuma ana kallo da shi, ka ware wa kwamfutar kafa guda, dikoda kuma wata. Yawancin talabijin suna riƙe saitin kowace kafa daban, don haka `PC` da ragaggen haske za su zauna a kafar aikinka, iyali kuma su tarar da tasu yadda suka saba. Idan ka gwada ka maƙale a wani wuri, ka turo min abin da shafin `Advanced display` ya rubuta a layukan nan uku, da lambar samfurin da ke jikin takardar bayan talabijin ɗin, in gaya maka wace kafa da wane suna za ka nema a rimot ɗinka.